Cinikin Dala, Kashe Kuɗi da Naira: Inda Lissafin Masu Fitar da Riɗi Ke Karkacewa

Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, harkar fitar da amfanin gona ta yi sabon farin jini. Dalar da ake canzawa kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 kuma ta kai wajen 1,500. Wanda duk ya loda kwantenar riɗi daga Dawanau ko Maigatari a wancan tsakani ya ga kuɗinsa ya ninku ba tare da ya ƙara ko buhu ɗaya ba. Daga nan maganar ta bazu cewa sana'ar da ake biyanta da dala ba ta faɗuwa.

Tana faɗuwa, kuma sau da yawa tun a kan takarda take faɗuwa, kafin a sayi inji ko a kama sito. Kuskuren kusan iri ɗaya ne kullum: ana lissafa kuɗin da za su shigo da wani kuɗi, sannan a auna su da ma'aunin wani kuɗin dabam.

Sai mun fara da ma'aunin kansa. Kowane ɗan kasuwa ya san miliyan ɗaya ta yau ta fi miliyan ɗaya ta baɗi, domin ta yau za a iya juya ta. Masu nazarin zuba jari sun mayar da wannan sani lissafi. Suna tambaya: kashi nawa cikin ɗari ya kamata jarina ya haifar a shekara kafin in yarda in sa shi a wannan aiki, alhali akwai wasu wuraren da zan iya kai shi? Wannan kaso shi ake amfani da shi a rage darajar kuɗin da za su zo nan gaba, a dawo da su daidai da kuɗin yau, shi ya sa za mu kira shi kason ragi. Idan kason 15 ne cikin 100, dala 115 ta baɗi daidai take da dala 100 ta yau. Kuɗin shekara ta biyu ana rage su sau biyu, na ta uku sau uku. A ƙarshe a tara su, a cire abin da aka kashe a farko. In da saura, aikin ya biya kansa ya kuma biya jira da kasada. In babu, gara a kai jarin wani wuri.

Wani zai ɗaga gira ya ce ai wannan maganar kuɗin ruwa ce. Ba dole ba. Wanda ya ba da jari a yi kasuwanci a raba riba shi ma yana da abin da yake sa rai, in ba haka ba da bai fitar da kuɗinsa ba. Kason ragi sunan wannan sa ran ne kawai.

Abin da ake mantawa shi ne kowane kuɗi da nasa kason. Gwamnatin Tarayya ta nuna mana haka a fili. A Disambar 2024 ta sayar da takardun bashi na dala a kasuwar duniya, na dala biliyan 2.2, ta yi alƙawarin biyan kashi 9.625 a shekara a kan na shekara shida da rabi, da kashi 10.375 a kan na shekara goma. Bayan 'yan watanni, a Mayun 2025, ita dai wannan gwamnati ta fitar da sukuk na naira na shekara bakwai a kan kashi 19.75. Mai karɓar kuɗin ɗaya ne, amanarsa ɗaya ce, amma a dala yana biyan kusan goma, a naira kusan ashirin. Babban dalilin wannan tazara shi ne masu kuɗi suna tsammanin naira za ta riƙa zubewa a gaban dala da kusan kashi tara ko goma kowace shekara, don haka suke neman a biya su diyyar zubewar tun da wuri. Masanin tattalin arziki na Amurka Irving Fisher ne ya fi shahara da bayyana wannan alaƙa tsakanin hauhawar farashi da abin da mai jari ke nema, tun farkon ƙarni na ashirin.

To mu ɗauki misali, mu bi shi har ƙarshe. Alkaluman nawa ne, na zaɓe su don lissafin ya yi sauƙi, amma tsarin harkar haka yake.

A ce wani Alhaji a Kano yana son kafa wurin tace riɗi: injin sheƙa da tankaɗe, injin da ke ware ƙwayar da launinta ya bambanta, janareta, gyaran sito. Duka za su ci naira miliyan 300 yau. Dala tana 1,500, ke nan jarin dala 200,000 ne. Yana da mai saye a Turkiyya da zai riƙa ɗaukar kayan dala 500,000 a shekara har shekara uku. Bayan ya cire kuɗin riɗin da sauran ɗawainiya, abin da zai rage masa a hannu dala 100,000 ne duk shekara. Don sauƙi, mu ɗauka bayan shekara uku injin ya gama aiki, ba a sayar da shi da komai.

Hanya ta farko ita ce a bar komai a dala. Kason nawa za a sa? In gwamnati da kanta tana biyan kusan goma a dala, ɗan kasuwa mai inji ɗaya da mai saye ɗaya ba zai tsaya a goma ba, domin kasadarsa ta fi ta gwamnati. Mu ce 15. Dala 100,000 ta shekarar farko ta zama kusan 87,000 a darajar yau, ta biyu 75,600, ta uku 65,750. Jimla kusan dala 228,300. An cire 200,000, saura 28,300. Yanzu ne kaɗai za a taɓa farashin canji, kuma na yau za a ɗauka, tunda an riga an dawo da kuɗin zuwa yau: dala 28,300 sau 1,500 ta ba da kusan naira miliyan 42.5. Mai kwamfuta zai iya rubuta wannan a Excel:

```
=NPV(0.15,100000,100000,100000)-200000
```

A lura an bar jarin farko a waje da baka. Excel yana ɗaukar adadin farko da ke cikin bakar a matsayin kuɗin ƙarshen shekara ta ɗaya, don haka wanda ya cusa jarin a ciki ya rage masa darajar shekara guda a banza.

Hanya ta biyu ita ce a mayar da komai naira. Nan ba a amfani da farashin yau ga dukkan shekarun. Kowace shekara da farashin da ake tsammani a lokacinta. In dala na hawa kashi 10 a shekara, za ta zama 1,650 baɗi, 1,815 a shekara ta biyu, kusan 1,997 a ta uku. Kuɗin Alhaji a naira ke nan miliyan 165, sai 181.5, sai kusan 199.7. Kason ragin kuma dole ya koma na naira. Ba tara 15 da 10 ake yi a ce 25 ba, ninkawa ake yi: 1.15 sau 1.10 ya ba da 1.265, wato kashi 26.5. Dalili kuwa, zubewar naira ba uwar kuɗin kaɗai take ci ba, har ribar tana ci. Da aka rage kuɗin da wannan kaso sai suka zama miliyan 130.4 da 113.4 da 98.6, jimla kusan 342.5. An cire 300, saura miliyan 42.5.

Amsa ɗaya ce ta fito daga hanyoyin biyu, kuma haka ya kamata. Wannan ma shi ne gwajin da ya fi kowanne sauƙi. Duk lissafin da aka kawo maka, ka ce a yi shi ta hanyoyin nan biyu. In amsoshin suka yi hannun riga, akwai inda aka gauraya ma'auni.

Gaurayawar iri biyu ce, kuma kowacce da irin mutanen da take kamawa.

Mai taka-tsantsan yakan ce shi ba ya caca da farashin dala, don haka zai lissafa komai a 1,500. Sai kuɗin su zama miliyan 150 duk shekara. Da ya zo kason ragi kuma sai ya tuna abin da bankuna ke caja a naira, ya sa 26.5. Sakamakon miliyan 286.4, ƙasa da jarin da miliyan 13.6. Sai ya ce aikin asara ne, ya haƙura. Bai lura ba cewa ya yi zato biyu masu karo da juna. Da ya riƙe dala a 1,500 ya ce naira ba za ta zube ba. Da ya sa 26.5 kuma ya ce za ta zube, domin kusan rabin wannan kaso diyyar zubewa ce. Ya hukunta aikin da zubewar naira, ya hana shi amfanin da zubewar ke kawo wa mai karɓar dala.

Ɗaya kuskuren ya fi haɗari, kuma shi ya fi yawa a takardun neman jari, domin yana ƙawata aiki. Ana barin dala ta yi ta hawa a lissafin, kuɗin shiga su kumbura zuwa 165 da 181.5 da 199.7, sannan a rage su da kashi 15, a ce ai harkar dala ce. Jimla ta tashi miliyan 412, ribar da ta rage ta zama miliyan 112, fiye da ninki biyu da rabi na gaskiyar. Kamar ka sayi hatsi da tiyar wata kasuwa ka sayar da ta wata ne, ka ɗauki bambancin tiya a matsayin riba. Yadda ake gane shi ba wuya: duba alamar kuɗin da ke kan jerin alkaluman, sannan ka tambayi daga ina aka samo kason. In jerin na naira ne amma kason bai ma kai abin da gwamnati ke biya a sukuk ba, ka ajiye takardar.

Wannan ɓangaren lissafi ne tsantsa, kuma wanda ya fahimce shi sau ɗaya ya gama. Inda aikin yake da wuya shi ne cikin dala 100,000 ɗin nan da muka wuce ta da sauri, kamar daga sama ta faɗo.

Alhaji yana karɓar dala, amma ba da dala yake kashe kuɗi ba. Mu buɗe ta. Daga dala 500,000 na ciniki, a ce 300,000 kuɗin riɗin ne. Da naira ake biyan manomi da dillali, amma farashin riɗi a Dawanau yana bin dala sau da ƙafa, domin kusan duk masu sayen don fitarwa suke saye, kuma da dala ta motsa kowa a kasuwar ya sani kafin azahar. Saboda haka a lissafi ana iya ɗaukar wannan kashi kamar na dala. Wannan ma shi ne dalilin da garaɓasar 2023 da 2024 ba ta ɗore ba. Wanda ya riga ya cika sito kafin naira ta faɗi shi ya ci, kakar da ta biyo baya kuwa manomi ya karɓi rabonsa.

Saura naira miliyan 150 a shekara, daidai da dala 100,000 a farashin yau: albashin ma'aikata, leburori masu lodi, man dizal, buhuna, hayar sito, kuɗin tirela zuwa tashar Apapa, kuɗin gwaji da takardu. Waɗannan naira ce tsagwaronta, kuma hauhawar farashin cikin gida suke bi, ba dala ba. A lissafinmu na farko mun yi shiru mun ɗauka su ma kashi 10 za su riƙa hawa, kafaɗa da kafaɗa da dala. In haka ta faru, lafiya lau. Amma ba kullum take faruwa ba. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da hauhawar farashi kashi 34.8, kuma a cikin 2025 dala ta yi ta zagaye a kusa da 1,500, har ta ɗan sauko, alhali kayan cikin gida ba su daina tsada ba. Shekara irin wannan ita ce mafi muni ga mai fitar da kaya, ko da yake ga mai sayen shinkafa a kasuwa labari ne mai daɗi.

Mu gwada. A ce dala na hawa 10 kamar yadda muka zata, amma ɗawainiyar cikin gida na hawa 20. A shekarar farko za ta ci miliyan 180 maimakon 165. A ta biyu 216 maimakon 181.5. A ta uku 259 maimakon 199.7. Ƙarin da aka samu, in an dawo da shi darajar yau da kason 26.5, ya kai kusan miliyan 63. Ribar miliyan 42.5 ta koma asarar kusan miliyan 20. Ba a taɓa yawan riɗin ba, mai sayen bai rage ko sisi ba, naira ma ta ci gaba da zubewa, amma aikin ya kife.

Saboda haka ni a ganina, ga duk aikin da cinikinsa ke waje ɗawainiyarsa ke gida, hanyar naira ta fi amfani, ko da yake ta fi wahala. Tana tilasta maka ka rubuta kowane layi da kuɗinsa na asali, ciniki da dala, albashi da naira, ka faɗi ƙarara yadda kake zaton kowanne zai hau. Hanyar dala kuwa tana da sauƙin ɓoye zato a cikin adadi ɗaya mai kyan gani.

Daga ina za a samo farashin dala na shekara uku masu zuwa? Babu wanda ya san shi, kuma tarihin naira ya nuna ba a hankali take zubewa ba. Ta zauna kusan 197 a 2015, ta yi tsalle zuwa wajen 305 a 2016, ta yi shekaru tana rarrafe, sannan 2023 ta zo. Mai lissafi ba annabci yake yi ba. Abin da yake nema shi ne zaton da bai saɓa wa kason raginsa ba. Ko dai ya ɗauko shi daga tazarar abin da takardun gwamnati ke biya a naira da a dala, kamar yadda muka yi, ko daga tazarar hauhawar farashin da ake tsammani a ƙasashen biyu, inda Babban Bankin Amurka ke hanƙoron riƙe nasa a kashi 2. Abin da bai halatta ba shi ne a ɗauki tsallen 2023 a shimfiɗa shi a kan shekaru masu zuwa. Wanda ya rubuta dala za ta riƙa hawa kashi 30 duk shekara ya daina auna harkar riɗi, ya koma cacar canji, kuma in da gaske ya yarda da hakan, sayen dala ya ajiye ya fi masa sauƙi a kan sayen inji. Tambayar da lissafin ke amsawa ita ce ko injin ya fi ajiye dalar, ba ko dala za ta hau ba.

Akwai kuma tambayar wane farashi. Dokar Babban Banki ta ce mai fitar da kayan da ba na mai ba ya cika fom ɗin NXP, ya kuma dawo da kuɗin cinikin ta banki cikin kwana 180. Kafin Yunin 2023, lokacin da farashin gwamnati yake wajen 460 na bayan fage kuma ya haura 700, wanda ya yi lissafi da farashin Wapa amma dole ya canza ta banki ya ƙara wa kansa kuɗin da ba zai taɓa gani ba. Yanzu tazarar ta matse, amma dokar lissafin ba ta canza ba: farashin da za ka samu a hannu, bayan cajin banki, kuma a ranar da kuɗin za su iso, ba ranar da kwantena ta bar Kano ba. Jiran wata uku a kason 26.5 yana cin kusan kashi 6 na darajar kuɗin, kuma a harkar da ribarta kashi 20 ce ta ciniki wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wata ɗabi'a da nake ƙi ita ce ta cusa kowace fargaba cikin kason ragi. Ana tsoron a ƙi karɓar kaya a tashar waje, sai a ƙara biyar. Ana tsoron gwamnati ta sauya doka, a ƙara uku. Kafin ka ankara kason ya kai 40, kuma babu wanda zai iya faɗin abin da yake aunawa. Fargabar gaskiya ce. Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015 saboda ragowar maganin ƙwari, kuma masu sayen riɗi, musamman na Japan, suna tsananta gwaji. Amma wurin wannan fargaba cikin kuɗin shiga ne. In kana ganin kwantena ɗaya cikin ashirin za ta samu matsala, rage cinikin da wannan gwargwado, kowa ya gani ya yi maka gardama. Haka nan kashi 15 da muka sa a dala ya riga ya ƙunshi kasadar Najeriya, tunda daga abin da gwamnatin Najeriya ke biya muka taso, ba daga na gwamnatin Amurka ba. Ƙara wani abu da sunan haɗarin ƙasa a kai lissafa abu ɗaya sau biyu ne.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna ganin maganar ta ɗaya fuskar. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya tun 1999, don haka mai sayar wa Turai ba ya bukatar hasashen canji sosai, ko da yake dattawa ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka rage darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Amma wanda ke kawo wake ko dabbobi kasuwannin Najeriya ana biyansa da naira, shi kuɗin wajensa naira ce. Ribar kashi 20 a naira, in naira na zubewa kashi 10 a gaban sefa, kashi 9 ce kawai idan ta isa gida.

Alhajinmu dai, a kan alkaluman da muka sa, aikinsa yana da riba amma siririya ce, kuma ba farashin dala ne zai yanke hukunci ba. Tazarar da ke tsakanin hawan dala da hawan kuɗin dizal da tirela da albashi ita ce za ta yanke. Kafin ya sa hannu, ya sa a sake masa lissafin sau uku, ɗawainiyar gida na hawa 10, da 15, da 20, ya ga a inda ribar ta ƙare. A wannan misali tana ƙarewa ne a wajen kashi 17. In yana ganin kuɗin tirela da dizal za su wuce haka a shekara, kada ya sayi injin sai mai sayen ya yarda a riƙa sake duba farashi duk kaka.